Ba kowace ƙarya ba ce gaslaitin: amsa ga wata 'yar'uwa

Wata mai karatu ta aiko da tambaya. Ta ce kwanan nan ko ina ta leƙa a waya sai ta ji 'yan mata na cewa wane yana yi musu "gaslaitin". Shin wani sabon suna ne aka laƙaba wa ƙarya, ko kuwa abu ne daban? Ta ƙara da cewa wata ƙawarta ta kama mijinta ya ɓoye mata inda ya je, nan take ta ce gaslaitin ne.

To 'yar'uwa, abu ne daban. A ganina ma ƙawar taki ta yi gaggawa, kuma irin wannan gaggawar tana cutar da matan da abin ke ci da gaske, domin in kowace ƙarya ta zama gaslaitin, ranar da mai ciwon ta buɗe baki za a ce ai kowa ma haka yake fama.

Kalmar ta samo asali ne daga wani wasan kwaikwayo da marubucin Birtaniya Patrick Hamilton ya fitar a 1938, wanda sunansa ke nufin hasken fitilar gas. An mai da shi fim a Amurka a 1944, Ingrid Bergman ce ta fito a matsayin matar. A zamanin da labarin ya faru, fitilun gida da gas suke aiki, kuma bututu ɗaya ke raba musu, don haka in an kunna na sama sai na ƙasa su dushe. Mijin yakan ce ya fita, alhali ya zagaya ya hau saman gidan yana laluben wasu duwatsu masu daraja na wata mata da ya kashe. Matar tana zaune a ƙasa sai ta ga haske ya ragu, ta ji takun ƙafa a sama, amma an riga an cusa mata cewa kanta ne ke yi mata gizo. Yakan ɓoye kaya ya ce ita ta ɓatar, a cire hoto daga bango ya ce ita ta cire ta manta. Burinsa a yarda ta haukace a kai ta gidan mahaukata. Daga nan sunan ya fito, har ƙamus ɗin Merriam-Webster ya zaɓe shi kalmar shekara a 2022.

Ki lura da abin da mutumin nan ya yi. Da maƙaryaci ne kawai, ya ishe shi ya ce ya je wurin abokai. Shi kuwa sai ya bi idon matar da kunnenta da tunaninta, ya sa ta daina yarda da su. Nan bambancin yake. Mai ƙarya yana so ki yarda da wani abu da ba haka yake ba, kuma yana bukatar hankalinki ya kasance lafiya, don da shi za ki karɓi ƙaryar. Mai gaslaitin hankalin naki yake hari, yana so ki kai matsayin da ko kin ga abu da idonki sai kin jira ya faɗa miki ko kin gani. In kin je kasuwa, mai ƙarya shi ne wanda ya tauye miki mudu. Wannan kuwa shi ne wanda kika kama shi yana tauyewa, ya bi ki kullum yana cewa idonki ne ba ya gani da kyau, har kika koma ba ki iya sayen komai sai ya auna miki.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. A ce wata mai sayar da abinci a zango ta kwashi adashinta, sidi 2,000, ta miƙa wa maigidanta a hannu ta ce ya ajiye mata zuwa lokacin biyan kuɗin makarantar yara. Bayan wata biyu ta nema.

In ya ce, "Na ba wani abokina bashi, zai kawo ƙarshen wata," alhali kashewa ya yi, ƙarya ce zalla. Ya ci amana, amma bai taɓa hankalinta ba. Su biyun sun yarda ta ba shi kuɗin, sun yarda nawa ne. Ranar da ta gano gaskiya za ta ji haushi, ta kuma san wa take jin haushi.

In ya ce, "Ni dai 1,500 na tuna," ya zauna suka lissafa tare, ya yarda a kira uwar adashi a tambaye ta nawa aka kwasa, wannan saɓanin tunawa ne. Kowane gida ana yinsa. Ɗan Adam yana mantuwa, kuma mutum biyu sukan tuna abu ɗaya ta fuska biyu ba tare da ɗayansu na da mugun nufi ba. Alamar mai gaskiya ita ce yana maraba da hujja.

In ta ritsa shi ya daka tsawa, "Wane kuɗi? Ni ban san zancen ba!" sannan bayan kwana biyu ya dawo yana kame-kame ya amsa, wannan ma bai kai ba. Shi ne abin da Hausawa ke cewa tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Mummunan hali ne, amma na lokaci ɗaya.

Yanzu ga na huɗu. Ya dube ta a natse ya ce, "Ke ba ki ba ni komai ba. Kin fara ko? Haka ranar nan kika ce kin kashe risho, na tarar da shi a kunne. Wallahi kina ba ni tsoro." Ta rantse ta ba shi, a ɗaki, bayan sallar isha'i. Ya ce, "Kin ga irin ta ko? Kina ƙirƙiro abu ki yarda da shi." Sati na gaba makullin shagonta ya ɓace daga inda ta saba ajiyewa, ya tsinto shi a cikin kwandon albasa, a gaban yara. Ya kira yayarta cikin muryar tausayi ya ce a taya shi addu'a, tun haihuwar nan kanta bai dawo daidai ba. Ya faɗa wa mahaifiyarsa yana zargin iska ce, a nemo mai ruƙiyya. Bayan wata shida, ita da kanta take cewa, "Ƙila dai ban ba shi ba." Ta koma miƙa masa cinikin kowace rana ya riƙe, tunda ita "ba ta iya riƙe lissafi". Wannan shi ne gaslaitin.

Abu uku suka raba na huɗun nan da sauran. Na farko, an bar zancen kuɗi an koma zancen lafiyar kanta. Ta shigo da tambaya a kan sidi 2,000, ta fita tana kare kanta cewa ba mahaukaciya ba ce. Na biyu, abin yana maimaituwa, yau kuɗi, gobe makulli, jibi maganar da aka yi a gaban baƙi aka ce ba a yi ba. Na uku, an riga ta zuwa wurin shaidu. Duk wanda za ta kai wa kuka an riga an gaya masa ba ta da lafiya, saboda haka kukan nata ma sai ya zama hujja a kanta. Ƙarshen abin kuwa iko ne: kuɗinta da shawararta sun koma hannunsa.

A nan ne nake ganin mu al'umma muke da laifi. A unguwanninmu, inda kowa ya san kowa kuma ba a son maganar gida ta fita waje, hanya mafi sauƙi ta kashe maganar mace ita ce a ce kishi ne, ko jego ne, ko aljanu. Dattawan da ke sulhu sukan saurari wanda ya fi natsuwa, alhali wadda aka shafe wata shida ana juya mata tunani dole ta zo a rikice, tana kuka, tana maimaita magana. Sai a ce mata ta yi haƙuri. Mai sulhu na gari ya kamata ya mai da zancen kan abin da za a iya bincikawa: an kwashi adashin ko ba a kwasa ba, ranar yaushe, kuɗin ina suka shiga. Kuma kada a ɗauka maza kaɗai ke yi. Mace na yi wa miji, uwar miji na yi wa suruka, kishiya na yi wa kishiya. Wanda ya fi ƙarfi a zaman, ko ya fi samun masu saurarensa, shi ya fi samun dama.

Wani zai ce, to in da gaske tana mantuwar fa? Tambaya ce mai kyau, don rashin barci da raino da damuwa suna sa mantuwa. Ga ma'auni mai sauƙi. Mantuwar gaske ba ta zaɓen mutum. In kina rikita canjin masu sayen abinci, kina manta alƙawarin ƙawaye, 'yan'uwanki ma sun lura da kansu, to ki je asibiti a duba ki, ba abin kunya ba ne. Amma in kina riƙe bashin mutum ashirin a ka ba kuskure, sai a gaban mutum ɗaya tak kike zama mai mantuwa, kuma kullum mantuwar shi take yi wa amfani, ruwa fa ba ya tsami banza.

Abin yi, in kin ga alamun nan, shi ne ki samar wa tunaninki madogara a waje da kanki. Ki riƙa rubuta abin da ya faru a ranar da ya faru, da kwanan wata, a inda ba zai gani ba. Kuɗi kuma ki tura ta waya don saƙon shaida ya zauna, ko ki bayar a gaban wani. Ki samu mutum ɗaya mai amana da za ki riƙa faɗa wa abu tun da zafinsa. Sannan ki daina shiga gardamar "an yi, ba a yi ba", domin a filinsa kike wasa. Ki ce, "Ni haka na tuna," ki tsaya nan.

Sai dai ki san iyakar wannan dabara. Rubutun naki ne, don ki tabbatar wa kanki da lafiyarki, da kuma masu sulhu in an kai ga haka. Da wuya ya sa mai yin abin ya amsa laifi, sau da yawa ma cewa zai yi rubutun kansa alamar ciwon ce. In kuma akwai duka ko barazana a zaman, kada ki fito da hujja ke kaɗai a ɗaki, ki fara sanar da waliyyanki. Ga waɗanda ke Ghana, dokar hana cin zarafi a cikin gida ta 2007 ta lissafa cutar da tunani da zuciya a cikin nau'o'in cin zarafi, kuma 'yan sanda na da sashe na musamman da ke karɓar irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe.

Ita kuwa ƙawar taki, ki tambaye ta abu ɗaya: bayan rigimar, wa ta koma tana shakka? In mijin take shakka, ƙarya ya yi mata, sai su zauna a kan ƙaryar, a kira ta da sunanta. In kuwa ta fara shakkar idonta da kunnenta, har tana ba da haƙuri a kan abin da ta san ta gani, kuma ba yau aka fara ba, to ki zauna kusa da ita, ki zama mutum ɗayan nan da zai ce mata, "Na ji ki, zo mu bincika tare."