Sharhin Bayan Labarai: Wace Ƙofar?

Akwai wata jimla da take cinye wa mutane kati, take ƙone wa direbobi mai, take kuma haɗa faɗa tsakanin mutum biyun da ba su taɓa ganin juna ba. Jimlar ita ce: "Ina bakin ƙofa."

Wace ƙofar, Malam?

Mu ɗauki kasuwar Sabon Gari a nan Kano. Hajiya ta gama sayayya, tana tsakiyar rumfuna, kwano a samanta, bango a dama da hagu. A nan ta ciro waya ta kira mota ta manhaja. To, wayar nan daga tauraron ɗan'adam take gane inda mutum yake. A fili, inda sama take buɗe, kuskurenta bai fi kamar mita 5 ba. Amma a ƙarƙashin kwano saƙon ba ya isowa sosai, sai wayar ta koma lalube da turakun sadarwa, kuskuren ya kai mita gommai, wani lokacin ma ya zarce. Alamarsa tana nan a taswira, sai dai ba mu dubawa: shuɗin ɗigon nan idan ya yi ƙatuwar da'ira a kewayensa, wayar ce take faɗa miki cewa ita ma ba ta san inda kike ba.

Mota kuwa ba ta shiga rumfa. Sai manhajar ta ɗauki ɗigon ta manna shi a titin da ta ga ya fi kusa, a ce ɓangaren Faransa Rod. Hajiya kuma ta biyo mai dako, sun fito ta ɓangaren 'Yan Kura. Direba ɗigo yake bi. Ya isa inda aka tura shi, ya danna cewa ya iso, agogon jira ya fara tafiya. Ya buga waya.

"Hajiya, kina ina?"

"Ina bakin ƙofa."

"Ni ma ina bakin ƙofa."

Kuma abin haushin, babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu!

Daga nan sai kwatance. "Ba ka gan ni ba? Ni ce mai jan mayafi." Hajiya, Allah Ya ba ki haƙuri, mata nawa ne masu jan mayafi a bakin kasuwar nan da la'asar? Shi ma gogan ba a bar shi a baya ba: "Ni ne a farar mota." Sannu da ƙoƙari. Wai kuma har da "gani nan kusa da mai lemo", sai ka ce mai lemo gini ne. Mai lemo baro yake turawa, ya tashi tun ɗazu.

Shi kuwa "gani nan" ɗin nan namu, ciwo ne mai zaman kansa. Mutum yana cikin shago bai gama ciniki ba, ya ce gani nan. Direba yana shan mai, ya ce gani nan. Mun mai da "minti biyu" abin da ba shi da alaƙa da agogo.

Mu koma ƙofa. A taswira tazarar ta yi kama da taku kaɗan, amma mota ba ta ratsa kasuwa, sai ta zagaye. Titin Murtala Muhammad ga shinge a tsakiya, ga gadar sama. Direban da ya hau gada ya wuce ki ke nan, kina ganin motarsa a waya ta bi ta kanki, sai ya je ya sauka ya juyo cikin cunkoson 'yan adaidaita. Ya gaji ya soke tafiyar, ko ke ki soke, wani lokacin har da tara.

Don Allah, a fito tukuna kafin a kira mota. A tsaya a fili, a jira da'irar ta tsuke. Idan ɗigon ya faɗa wani titin, a ja shi da yatsa zuwa inda ake. A rubuta wa direba sunan titi, da abin da ba ya motsi, banki ko gidan mai ko masallaci, da kuma hannun da ake tsaye. Mai ƙafa ya fi mai mota sauƙin juyawa, saboda haka idan tsallaka titi zai raba gardama, a tsallaka. Kafin a buɗe ƙofar mota kuma a karanta lambarta, don a wajen cunkoso ba a rasa mai ɗaga hannu ya ce shi ne.

Masu kula da kasuwanni da asibitoci da manyan makarantu kuwa, roƙonmu ɗaya ne. Gwangwanin fenti nawa ne? A rubuta wa kowace ƙofa lamba, ƙatuwa, wadda za a hango daga cikin mota. Ƙofa ta 1, ƙofa ta 2, ƙofa ta 3. Idan direba ya ce "Hajiya, wace ƙofar?", ta ɗaga kai ta karanta masa.