Ba gwamna ne zai ce kotu ba ta da hurumi ba

Jiya bayan Isha a majalisarmu ta Mandawari, wani aboki ya ce min, "Malam, ina ruwan alƙali da sarautar Kano? Gwamna jama'a suka zaɓa." Na ce masa a 2020 ba haka kake faɗa ba.

Mu tuna. Ranar 9 ga Maris 2020 gwamnatin Ganduje ta tuɓe Sarki Muhammadu Sanusi II, aka kai shi Loko, sannan Awe a jihar Nasarawa. Wa ya fito da shi? Kotu ce, bayan kwana huɗu. A Nuwamba 2021 Mai shari'a Anwuli Chikere ta ce korar da tsarewar sun saɓa wa kundin tsarin mulki. A lokacin 'yan jar hula na yabon kotu, ɗaya ɓangaren na gunaguni.

A Mayu 2024 sai reshe ya juye da mujiya. Majalisa ta soke dokar masarautu biyar, Gwamna Abba ya sa hannu ranar 23 ga wata. Mai shari'a Liman na Babbar Kotun Tarayya ya ba da umarnin a dakata, washegari aka miƙa wa Sanusi takardar naɗi. Masu gunagunin jiya suka koma masu cewa a bi kotu.

To ga gaskiyar da kowane ɓangare ke ɓoye rabinta. A maganar hurumi, gwamnati tana da hujja. Tun 1989, a shari'ar Umaru Abba Tukur, tsohon Sarkin Muri, Kotun Ƙoli ta ce rikicin sarauta ba na kotun tarayya ba ne, ko da an lulluɓe shi da rigar haƙƙin ɗan Adam. A Janairu 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce Liman ba shi da hurumi.

Amma ku lura da wanda ya faɗa: kotun da ke sama da shi. Majalisa ke yin doka, gwamna ya zartar, kotu ta auna ko an bi ƙa'ida. Sashe na 4, 5 da 6 ke nan. Sashe na 287 ya wajabta wa kowace hukuma bin hukunci. In alƙali ya yi kuskure, lauyanka ya nemi a janye umarnin ko ya ɗaukaka ƙara. Kafin nan, umarnin na nan daram. Gwamnan da ke zaɓar hukuncin da zai bi ya zama alƙali a shari'ar kansa.

Ni ba Gidan Rumfa ko gidan Nassarawa nake tsaya wa ba. Shagon ɗan kasuwar Kurmi nake tunani. Ranar da aka shafa masa jan fenti, ya samo takardar kotu, me zai tsayar da katafila in mun riga mun koya wa masu mulki cewa bin takardar ganin dama ne?

Duk wanda ya yi tafi a 2020 ya yi shiru a 2024, ko akasin haka, ya tambayi kansa: doka yake so, ko nasa?