Zarce wa'adin biza a Saudiyya: abin da ke biyo baya, da halattacciyar hanyar fita

A ƙarshen watan Janairun 2021 jirgi ya sauka a Abuja ɗauke da 'yan Najeriya 384 da aka kwaso daga Saudiyya, kashin farko na mutum sama da 800 da suka daɗe a tsare a can saboda rashin takardun zama. Da yawa daga cikin masu faɗawa irin wannan hali ba ta ɓarauniyar hanya suke shiga ƙasar ba. Da halattacciyar biza suke sauka a Jidda ko Madina, ta Umara ko ta ziyara, sai wa'adi ya cika su ƙi fitowa, su shige sahun waɗanda aka fi sani da 'yan takari.

Abin da ke riƙe da yawancinsu shi ne zaton cewa idan aka daure aka zauna, wata rana za a samu wanda zai gyara takarda. A tsarin Saudiyya kuwa, bizar Umara ta ibada ce kawai. Ba ta halatta aiki, kuma ba a mayar da ita igama, wato katin izinin zama, a cikin ƙasar. Abin da doka ta bar wa wanda ya zarce wa'adi shi ne ya gyara fitarsa. Yadda ya fita, da ƙafarsa ko a motar jami'ai, shi ke yanke ko zai sake ganin Ka'aba nan kusa.

Tun daga 2022 bizar Umara na ba da damar zaman kwana 90. Sai dai akwai wa'adi na biyu da mutane ke mantawa da shi, wato ranar da hukumomi ke rufe kakar Umara domin shirin Hajji, kuma duk wanda ya riga zuwa cikin biyun shi ke aiki. A 2025 Ma'aikatar Hajji da Umara ta tsayar da 13 ga Afrilu a matsayin ranar ƙarshe ta shiga, sannan 29 ga Afrilu, wadda ta yi daidai da 1 ga Zulƙida 1446, a matsayin ranar ƙarshe ta fita.

A ɗauki misalin wani ɗan kasuwa a kasuwar Gudu da ke Abuja, wanda ya rufe shago ya tafi Umarar azumi, ya sauka a Jidda ranar 15 ga Maris na 2025. Idan ya ƙirga kwana 90 a yatsunsa, lissafi zai kai shi wajen 13 ga Yuni, alhali hawan Arfa na shekarar ya kama 5 ga Yuni. A nan ne zuciya ke raya masa cewa ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: ya yi Umara, ya tsaya ya yi Hajji ba tare da biyan kujera ba. Lissafin hukuma ya sha bamban da nasa. Kwana 45 kacal ke gare shi, kuma da zarar 29 ga Afrilu ta wuce yana cikin ƙasar, ya zama mai laifi, ko da kwanan da yake gani a takardarsa bai cika ba.

Daga nan laifuffuka biyu ne ke jiransa. Na farko shi ne jinkirta fita bayan ƙarewar biza, wanda Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Saudiyya ta sanar cewa hukuncinsa na iya kaiwa tarar riyal 50,000, da ɗaurin wata shida, da kora. Wannan shi ne maƙurar hukuncin, wanda ake kaiwa gare shi bisa maimaita laifi. A karon farko tarar riyal 15,000 ce tare da kora. Na biyu shi ne yin Hajji, ko yunƙurin yin sa, ba tare da izini ba, wanda a 2025 aka ɗora wa tarar da ta kai riyal 20,000, kuma wanda aka kama ya kutsa cikin alhazai bayan ya zarce wa'adi ana korarsa tare da hana shi shiga ƙasar na shekara 10.

Idan aka juya kuɗin zuwa naira, sai arahar ta ɓace. Riyal 3.75 ne dala ɗaya, don haka riyal 20,000 ya haura dala 5,300, wanda a canjin wancan lokaci ya zarce naira miliyan 8. Kujerar Hajjin 2025 da Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ta sanar ga maniyyatan yawancin jihohin Arewa kuwa ba ta kai naira miliyan 8.5 ba. Ke nan ɗan kasuwar Gudu ya sa kansa cikin haɗarin biyan kusan kuɗin kujera a matsayin tara, ba masauki a Mina, ba motar alhazai, sannan ga haramcin shekara 10 a kai. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Hukuncin bai tsaya a kansa shi kaɗai ba. Kamfanin da ya ɗauki nauyinsa a Saudiyya na fuskantar tarar da ta kai riyal 100,000 idan bai kai rahoton wanda ya ƙi fita ba, shi ya sa kamfanoni ba sa rufa wa kowa asiri. Haka nan ɗan'uwan da ya ba shi ɗaki a Makka a lokacin Hajji, ko direban da ya ɗauke shi zuwa wuraren ibada, kowannensu na iya fuskantar tara mai wannan nauyi. Karamcin da aka yi don zumunci yakan ƙare da korar mai masaukin da ke zaune da halattacciyar igama.

Wanda ya tsallake kamun farko ya ci gaba da zama, rayuwar ɓuya ce ke gabansa. Ba ya iya buɗe asusun banki ko kama hayar gida da sunansa, zuwa asibiti ya zama abin fargaba, kuma idan wanda ya sa shi aiki ya hana shi haƙƙinsa ba shi da ƙarfin gwiwar kai ƙara. 'Ya'yan da aka haifa a wannan hali sukan tashi ba takardar Saudiyya ba ta Najeriya. Idan kuwa samame ya rutsa da shi a yankin Makka ko Jidda, galibi cibiyar tsare waɗanda za a kora da ke Shumaisi ake kai shi, inda zama kan ɗauki makonni ko watanni kafin a kammala takardun tafiya. A nan ake ɗaukar hoton yatsunsa a matsayin korarre. Tsohuwar dabarar nan ta sauya suna a yi sabon fasfo ta daina aiki, domin da yatsu ake tantance baƙo a filin jirgi, kuma fasfon Najeriya yanzu a haɗe yake da lambar shaidar ɗan ƙasa.

Halattattun hanyoyi uku ne, kuma kowace tana da lokacinta. Ta farko ita ce ta kafin wa'adi ya cika. Mai bizar ziyarar iyali, alal misali, wanda ya gayyace shi ne ke nema masa ƙarin lokaci ta manhajar Absher tun biza na da rai, bayan biyan kuɗi da sabunta inshorar lafiya. Mai Umara da rashin lafiya ta kwantar, ko jirgi ya soke masa tafiya, shi kuma kamfanin da ya kawo shi zai sanar nan take, ya riƙe takardar asibiti ko ta kamfanin jirgi, domin a gabatar da uzurinsa ga Jawazat, wato hukumar fasfo ta Saudiyya. Uzurin da aka gabatar kafin ranar ya fi wanda aka zo da shi bayan wata uku ƙarfi nesa ba kusa ba.

Ta biyu ita ce afuwa, wadda hukuma ke buɗewa a lokacin da ta ga dama. A ranar 29 ga Maris na 2017 Saudiyya ta buɗe afuwar kwana 90, daga baya ta tsawaita ta. Waɗanda suka zarce wa'adin Hajji, Umara ko ziyara sun samu damar fita ba tara ba ɗauri, kuma ba a yi musu rajistar korarru ba, abin da ya bar musu ƙofar komawa ta halal. A 2025 an sake buɗe wata ƙofa, amma ƙarama: daga 1 ga Muharram 1447, wato 26 ga Yuni, masu bizar ziyara da ta ƙare sun samu kwana 30, da aka ƙara wa wasu 30, su nemi tsawaitawa ta sashen Tawasul na Absher. Sharaɗin shi ne a biya kuɗi da tara, kuma tsawaitawar ta fita ce kawai. Darasin afuwowin biyu ɗaya ne ga mai bizar ibada ko ziyara: ana yafe masa hanyar fita, ba a ba shi izinin zama.

Ta uku ita ce miƙa kai idan babu afuwa. Mai fasfo a hannu yakan je Jawazat a daidaita tararsa a ba shi izinin fita. Wanda fasfonsa ya ɓace ko ya ƙare, sai ya fara da ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya a Jidda ko babban ofishin da ke Riyad, inda bayan an tabbatar ɗan Najeriya ne ake ba shi takardar tafiya ta gaggawa, wadda ke aiki sau ɗaya zuwa gida. Ofishin jakadanci ba ya iya soke tara ko haramci, domin hurumin Saudiyya ne, kuma wanda ake bi bashi a gaban kotu ko yake da shari'a ba ya fita sai an warware. Duk dillalin da ya ce zai samar da igama ga mai bizar Umara, ko ya goge sunan mutum daga na'ura, laifin jabu yake neman ƙara masa a kan na zarce wa'adi. Mai son aiki a Saudiyya, hanyarsa ita ce ya dawo gida ya shiga da bizar aiki a ƙarƙashin wanda ya ɗauke shi.

Illar ba ta tsaya ga masu laifin ba, domin wake ɗaya ke ɓata gari. Ƙasashe na duba yawan waɗanda suka ƙi komawa kafin su yanke yadda za su ba 'yan wata ƙasa biza. A Yulin 2025 Amurka ta rage yawancin bizar 'yan Najeriya zuwa ta shiga sau ɗaya mai wa'adin wata uku, kuma zarce wa'adi na cikin dalilan da ta ambata. A dokarta, wanda ya zauna ba izini fiye da kwana 180 ya fita, shekara 3 zai yi bai koma ba, wanda ya kai shekara guda kuwa shekara 10 ce.

Ga ɗan kasuwar Gudu, bambancin duka yana cikin kwana ɗaya. Da ya hau jirgi kafin 29 ga Afrilu ta wuce, da ya dawo shagonsa da sunansa fes a na'urar Jawazat, kuma zai iya neman kujerar Hajji a shekara mai zuwa. Da an kama shi a hanyar Mina a watan Yuni, ba zai sake samun damar neman biza ba kafin 2035.