Saƙon Larabci mai lambobi: a karanta shi daidai kafin a fassara

Ruwan madatsar Tiga da ke bi ta magudanan Kura da Bunkure da Garun Malam ya mayar da yankin cibiyar noman shinkafa da tumatir da alkama, kuma cinikin wannan amfani yanzu a waya ake ƙulla shi. Manomi ko dillali da ke neman injin ban-ruwa, ko iri, ko mai sayen kaya, zai iya samun kansa yana musayar saƙo da Bamisire ko Balabane, ko da wani abokin hulɗa a Jidda. A nan ne ake cin karo da wani irin rubutu da ke rikita har wanda ya yi karatun littattafai: Larabci ne, amma da haruffan boko, ga lambobi tsamo-tsamo a cikin kalmomi. Sunansa Arabizi, a Masar kuma ana ce masa Faranko.

Wannan salo ya bazu ne tun shekarun 1990, lokacin da wayoyi da kwamfutoci da yawa ba su da haruffan Larabci. Ko bayan sun samu, saƙon tes guda na ɗaukar haruffan boko 160, na Larabci kuwa 70 kacal, don haka rubutu da boko ya fi araha. Sai matasa suka nemo lambobin da suka yi kama da haruffan da boko ba shi da su. Lamba 3 ta zama ainun (ع), domin kamar juya ta aka yi. Lamba 7 ta zama ha ƙarami (ح), 5 ta zama ha mai ruwa (خ), 2 ta zama hamza (ء), 6 kuma ɗa mai hannu (ط). Idan aka sa wa lamba ɗan waƙafi a gefe, ɗigon harafin ake nufi, shi ya sa 3' ke zama gainun (غ).

Matakin farko shi ne raba lambar da take harafi da lambar da take adadi. Wadda ta manne da haruffa harafi ce, wadda ta tsaya ita kaɗai adadi ce. Bahaushe yana da sa'a a nan, domin da yawa daga cikin kalmomin ƙirga da na ranaku daga Larabci ya aro su. Kalmar 3eshrin ashirin ce, arba3in arba'in ce, 5amsin hamsin ce, sab3in saba'in ce, el 5amis kuma Alhamis ce. Haɗarin yana ga mai gaggawa: ya ga 3ashara ya ɗauka uku ne alhali goma ce, ko ya ga 5amsin ya rubuta biyar.

Mataki na biyu shi ne gano ƙasar mai rubutun, domin Arabizi ba Larabcin littafi ba ne, karin harshen gida ne, kuma babu hukumar da ta tsara ƙa'idarsa. Kalmar “ina so” kaɗai ta isa ta nuna hanya. Bamisire zai rubuta 3ayez, Balabane baddi, Basudane dayer, mutumin Maroko bghit. Sanin hakan na da amfani saboda lamba ɗaya na sauya aiki daga ƙasa zuwa ƙasa. Lamba 9 a ƙasashen yankin Gulf sau da yawa sodi (ص) ce, a Maroko da Aljeriya da Tunisiya kuwa ƙaf (ق) ce. Mutanen Alƙahira da Beirut kuma suna furta ƙaf kamar hamza, don haka 2alb a wurinsu ƙalb ce, wato zuciya.

Ga misalin saƙon da dillalin shinkafa a Kura zai iya samu daga Bamisire:

```
el se3r 3'ali bas 3ayez 50 shwal roz
ha7awel ab3at el felous yom el 5amis
```

Layin farko bai da wuya idan aka bi matakan. Kalmar se3r ita ce si'ir, wato farashi, 3'ali kuma gali ce, mai tsada. Lamba 50 ta tsaya ita kaɗai, don haka adadi ce. Ma'anar ita ce: farashin ya yi tsada, amma ina son buhun shinkafa 50.

Layi na biyu ne ke da tarko. Masu rubuta Arabizi ba su cika bambanta dogon wasali da gajere ba, kuma sukan bar shadda. Saboda haka ha7awel na iya zama هحوّل, wato “zan tura kuɗi”, ko kuma هحاول, wato “zan yi ƙoƙari”. Abin da ke raba gardama shi ne kalmar da ta biyo baya. Da an rubuta ha7awel el felous kai tsaye, da ma'anar ita ce zan tura kuɗin. Amma a nan wani aikatau ne ya biyo, ab3at, wato “in aika”. Don haka cewa ya yi zai yi ƙoƙari ya aika kuɗin ranar Alhamis. Bai yi alkawari ba. Dillalin da aka fassara wa cewa kuɗi na tafe ranar Alhamis, ya je ya ɗauko buhu 50 bashi a hannun manoma ya kuma yi hayar mota, ya gina lissafinsa ne a kan maganar da ba a faɗa ba. Idan tumatir ne ma abin ya fi muni, domin kwandon da aka tsinka ba ya jiran kowa.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai rubuta Hausa a waya. Idan aka bar ƙugiya, kasa na iya zama ƙasa ko kasa kaya, kuma jimla ce ke nuna wanne ake nufi. Haka mai karanta Arabizi zai yi: ya mayar da kowace kalma zuwa haruffan Larabci, ya karanta jimlar da babbar murya, ya ga ta tsaya da ƙafafunta, sannan ya fassara. Ya kuma lura da korewa irin ta Misirawa, wadda ke kewaye aikatau da ma a gaba da sh a baya. Kalmar maba3atsh na nufin bai aika ba, kuma wanda idonsa ya tsallake waɗannan haruffa zai fahimci akasin haka.

Ko an karanta daidai, akwai abin da rubutun ba zai warware ba. Idan aka ce feddan, gona ce mai murabba'in mita 4,200, ba hekta mai 10,000 ba, don haka taki ko maganin feshi da aka auna wa feddan ba zai wadaci hekta ba. Idan aka ce geneh, sai a tambaya na Masar ne ko na Sudan. Buhu ma sai an faɗi kilo nawa ne.

Saboda haka ya kamata ƙungiyoyin manoma da dillalan yankin su kafa doka mai sauƙi: duk saƙon da ya ƙunshi kuɗi, ko adadi, ko rana, a nemi mai shi ya sake rubuta shi da haruffan Larabci ko ya faɗe shi da murya, kafin a ɗaga buhu ko ɗaya. Malami ko ɗalibin da aka kawo wa saƙo, ya tambayi ƙasar mai rubutun tukuna, kuma inda kalma ta ɗauki fuska biyu ya faɗi duka biyun, kada ya zaɓi wadda mai kaya ke son ji. Makarantun da ke koyar da Larabci a Kano, tun daga na Islamiyya har zuwa Jami'ar Bayero, su ma ya dace su ware wa wannan rubutu darasi, tunda ɗalibansu ne ake kai wa irin waɗannan saƙonni su fassara.