Filin Asusu: Sunan wa ke kan takardarki?

A zaman zubi na makon jiya nan Korgom, wata ƴar uwarmu ta kawo maganar da ta hana mu tashi da wuri. Yayanta malamin makaranta ne a Tasawa, ya yi shekaru yana zuba jaka biyar kowane wata a inshorar rai, wato asirans. Lokacin da ya shiga, sunan matarsa ta fari ya rubuta a matsayin wadda za ta karɓi kuɗin bayan ransa. Aure ya mutu, ya yi wani, aka haifi ƴaƴa uku. Da Allah ya yi masa rasuwa, kamfani ya buɗe takarda, ya biya wadda ya ga sunanta. Marayun ba su samu ko dala ba.

Mun yi ta salati, amma kamfanin bai karya doka ba. Nijar na cikin ƙasashen da ke bin dokar inshora ta CIMA, wadda aka sa hannu kan yarjejeniyarta a Yawunde a 1992. A wannan doka, kuɗin da aka rubuta wa wani da sunansa ba sa shiga cikin gado. Kuma idan kamfani bai san an sauya suna ba, ya biya wanda ke kan takarda da zuciya ɗaya, ya fita. Cewa "ai na faɗa wa dangi" ba ta aiki. Sai an rubuta.

To me ake rubutawa? Wasiƙa ce gajeriya da Faransanci, ko malamin makaranta zai iya rubuta mana ita. Mai inshorar ce kaɗai ke da ikon sauya suna, don haka ita za ta sa hannu ko ta dangwala yatsa. A sama a sa cikakken sunanta da lambar yarjejeniyar, domin da wannan lamba ake nemo takardunta. Sannan a ce a cire wane, a sa wance, da sunanta kamar yadda yake a takardar haihuwa, da rana da wurin haihuwa. Hadiza nawa gare mu a Korgom kaɗai? Idan mutum biyu ne ko uku, a faɗi kason kowa. A ƙara wanda zai maye gurbi idan na farko ya riga mu tafiya. A haɗa da kwafin katin ɗan ƙasa.

Mu lura da abu biyu. Wadda ta rubuta "mijina" kawai, kuɗin na wanda yake mijinta ne ranar da biya ya wajaba. Wadda ta rubuta sunansa, nasa ne ko an rabu. Na biyu, idan wanda aka sa tun farko ya riga ya sanar da amincewarsa, ba a cire shi sai da yardarsa. Don haka a fara tambayar kamfani ko akwai wannan amincewa.

Sauya asusun banki ma haka ne. Kada a kwafi lamba da hannu. A karɓo takardar RIB daga banki, mai haruffa da lambobi 24 da ke farawa da NE, a maƙala ta. Sunan da ke kan asusun ya zo daidai da na katin. Mariama a nan, Maryam a can, ya isa a dakatar da biya. Kuma kada a rufe tsohon asusu sai kuɗi sun faɗa sabon sau ɗaya.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne bayan an kai wasiƙa. A yi kwafi biyu, a kai ofishin kamfanin a Maraɗi ko wajen wakilinsa, a buga hatimi da kwanan wata a kan naki. Wannan shaidar karɓa ce kawai. Aiki bai ƙare ba sai an ba ki takardar gyaran yarjejeniya, wadda suke ce wa abanan, ki sa a karanta miki sabon suna a cikinta. Wata guda ya wuce shiru, a koma da kwafin mai hatimi.

Wata dattijuwa a zaman ta tambaya, to ina rabon gado na addini? Tambaya ce mai nauyi. Mai son a raba bisa shari'a ta je wajen malami kafin ta rubuta, tana iya sa "magadana" maimakon sunan mutum guda.

Mun yanke shawara, ran zubi mai zuwa duk mai inshora, tata ko ta maigida, ta zo da takardar, magatakarda ta karanta mana sunan da ke ciki. Allah ya sa mu gama lafiya.