Kada mu tsallake ƙarshen Zabura 137

Idan aka buɗe Zabura 137 a taron addu'a, mai karatu yakan tsaya a aya ta 6. Ayoyi uku na ƙarshe suna da nauyi a baki. A ganina, tsallake su yana koya mana ɓoye wa Allah abin da ke cinmu.

Zaburar ta fito daga bakin waɗanda aka kwashe zuwa Babila bayan sojojin Nebukadnezzar sun rushe Urushalima, sun ƙone Haikali, wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. A aya 1 zuwa 4 suna kuka a bakin kogi, masu tsare da su kuma suna neman su yi musu waƙar Sihiyona don nishaɗi. A 5 da 6 mawaƙin ya rantse ba zai manta da birninsa ba. A aya ta 7 ya kai ƙarar Edomawa, maƙwabtan da suka yi ta zuga a rushe birnin. A 8 da 9 ya yi fatan abin da Babila ta yi musu ya koma kanta, har a kan jariranta.

Maganar tana da ban tsoro, amma ku lura inda ya kai ta. A gaban Allah ya zube fushinsa, hannunsa bai taɓa takobi ba. Wannan ya yi daidai da Romawa 12:19, inda Bulus ya ce mu bar wa Ubangiji ramuwa. Wanda aka ƙone masa gida ko aka kashe masa ɗan'uwa ba zai iya miƙa wa Allah fushin da yake musun yana da shi ba.

Wani zai ce, ai Yesu ya umarce mu a Matiyu 5:44 mu yi wa masu tsananta mana addu'a. Gaskiya ne, can muka nufa. Sai dai gafarar da aka furta don kunyar idon mutane ba ta daɗewa. Yesu kansa da kukan Zabura 22 ya yi kira a kan gicciye.

Ga yadda za ka yi. Karanta ayoyin tara duka da murya. Sai ka faɗa wa Allah abin da aka yi maka, da abin da zuciyarka take so ya sami mai laifin, ba tare da gyara ba. Ka rufe da cewa hukunci nasa ne, lokaci ma nasa ne.

Akwai iyaka. In ka tashi daga addu'a kana shirin ramawa, ko kana tsine wa kabila guda a gaban taro, ba ka miƙa fushin ba, wasa shi ka yi. A nan sai ka nemi fasto ko dattijon ikkilisiya ku zauna. In kuwa ka tashi da hawaye, hannunka wofi, Ubangiji ya ji ka.