Mafarkin Ɗaukewar Magana a Gaban Taro da Haddar Kwana Uku

Duk lokacin da ranar muhawara ko ranar raba kyaututtuka ta matso a makarantun sakandare na Haɗeja, Auyo ko Malam Madori, akan sami ɗalibin da zai tashi da asuba sharkaf da gumi. Ya yi mafarkin yana tsaye a gaban taro, iyaye da malamai sun zuba masa ido, ya buɗe baki amma ko kalma ɗaya ta ƙi fitowa. Wasu sukan ɗauki wannan a matsayin ishara cewa kunya na tafe, har ɗalibi ya nemi a ba wani jawabin. Wannan fassara ba ta da tushe. Abin da ya cancanci zargi shi ne yadda ake shirya yara domin jawabi.

A fara da mafarkin kansa. A shekarar 1953, Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman na Jami'ar Chicago suka gano wani zango na barci wanda idanu ke motsi da sauri a ƙarƙashin fatarsu, kuma mafi yawan waɗanda aka tasa a cikinsa sukan ce mafarki suke yi. Zangon yana dawowa kusan kowane minti 90, yana ƙara tsawo yayin da asuba ke gabatowa. A cikinsa, sashen ƙwaƙwalwa mai lura da haɗari, watau amigidala, yana aiki sosai, alhali sashen goshi mai tsara tunani ya lafa, tsokokin jiki kuma a sake suke tamkar an ɗaure su. Ƙwaƙwalwar da tsoro ke farke a cikinta, mai tsara zance kuma yana hutu, ba abin mamaki ba ne ta haifar da labarin mutumin da magana ta ɗauke masa.

Shin mafarkin yana nuna abin da zai faru? A shekarar 2014 Isabelle Arnulf da abokan aikinta a birnin Faris suka wallafa bincike kan ɗalibai masu jarrabawar shiga karatun likita. Fiye da rabin waɗanda suka amsa tambayoyi sun yi mafarkin jarrabawar a daren jajibiri, yawanci mummuna: makara, ko manta amsa. Da sakamako ya fito, masu mafarkin sun ɗan fi sauran maki. Wannan bai tabbatar da cewa mafarkin ne ya taimaka musu ba, domin mai yiwuwa wanda ya fi damuwa da karatu shi ne ya fi mafarkinsa. Amma ya isa ya rushe batun ishara.

Ɗaukewar magana a farke kuwa gaskiya ce, kuma an san sanadinta. Da zarar idanun jama'a sun sauka a kan mutum, amigidala takan buga ƙararrawa. Wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune bisa ƙoda su saki sinadarin adirenalin cikin daƙiƙoƙi, zuciya ta yi ta dukan uku-uku, yawu ya ƙafe, hannu ya ɗauki rawa. Sinadari na biyu, kotisol, a hankali yake tahowa, yakan kai ƙololuwa bayan kimanin minti 20 zuwa 30. Tasirin taro ya tabbata har ta kai masu bincike a Trier ta Jamus, tun 1993, suna amfani da jawabin minti biyar a gaban alƙalai masu ɗaure fuska domin su tayar da wannan sinadari a jikin mutum. A shekarar 2000 kuma Dominique de Quervain ya nuna cewa idan aka ba mutane irin wannan sinadari awa ɗaya kafin gwaji, sukan kasa tuno wasu kalmomin da suka koya jiya.

A lura da kyau: kalmomin ba gogewa suka yi ba. Manomin fadamar Haɗeja ya san irin wannan. Idan kacalla ta toshe mashigar ruwa, kogi yana nan cike, amma gonar shinkafa ba ta samu. Shi ya sa ɗalibi yakan tuno jawabinsa tsaf bayan ya koma kujerarsa.

A nan ne laifin shiri yake bayyana. A ɗauki misalin ɗalibar aji biyar da aka zaɓa ta yi magana a kan noman rani. Malami ya rubuta mata jawabin minti biyar da Turanci, kalmomi kusan 600, ya ba ta ranar Litinin, taro kuma ranar Alhamis. Ta haddace shi a ɗaki ita kaɗai, kalma bayan kalma. A irin wannan hadda, ƙarshen kowace jimla shi ne kaɗai mabuɗin ta gaba, kamar tsakiyar carbi. Ranar taro an ajiye ta a gefen dandali rabin awa tana jiran manyan baƙi su gama, watau daidai lokacin da kotisol ke bukata ya cika. Ta fara lafiya, a jimla ta tara wani ya yi tari, ta ɗaga kai, zare ya tsinke. Ba ta da wata hanyar shiga jimla ta goma, domin ba ma'anar ta riƙe ba. Alamar wannan matsala a fili take tun kafin ranar: a tsayar da ɗalibi a tsakiyar jawabi, a ce ya ci gaba daga sakin layi na uku. Idan sai ya koma farko, haddarsa ba za ta jure taro ba.

Wani zai ce, ai ƙasar Haɗeja ƙasar alarammomi ce, kuma ga mahaddata suna karatu a gaban dubban jama'a ba tare da tuntuɓe ba. Gaskiya ne, amma hujjar tana goyon bayan abin da ake faɗi ne. Gardi shekaru ya yi yana tilawa da babbar murya, a gaban malami da abokan karatu, ana jawo masa baƙi daga ko'ina ya ɗora. Ya sami maimaici mai tazara, ya saba da idon mutane, kuma yana da ƙofofin shiga da yawa. Ɗalibar nan ba ta sami ko ɗaya daga cikinsu ba.

Abin da ya kamata malami ya yi shi ne ya bar ta ta tsara jawabin da kanta a kan turaku huɗu: ruwa, iri, taki, kasuwa. Ta haddace jimlar buɗewa da ta rufewa kawai, sauran ta faɗe su da kalmominta, turakun kuma a rubuce a ƙaramar takarda a hannu. Idan zare ya tsinke a batun iri, sai ta tsallaka zuwa taki, kuma ba wanda zai gane. A ba ta mako biyu, ta gabatar a gaban ƙawaye uku, sannan aji, sannan taron safe, domin amigidala takan rage ƙararrawarta ne idan ta ga abu sau da yawa bai cutar ba. Gudun jawabin kuwa ƙara mata ƙarfi yake yi, saboda haka karɓe jawabi daga ɗalibin da ya yi mummunan mafarki ba taimako ba ne. A lokacin jira, ta riƙa jan numfashi a hankali tana sakinsa da tsawo fiye da yadda ta ja, domin fitar da numfashi yana sassauta bugun zuciya.

Akwai iyaka. Ɗalibin da tsoron idon mutane ya hana shi amsa tambaya a aji tsawon watanni, ko yake fashin makaranta saboda shi, ko mafarkin ke hana shi barci dare bayan dare, wannan ya wuce fargabar dandali, likita yake bukata. Ƙwayoyin rage bugun zuciya da wasu ke saye a kantin magani kafin jawabi suna da haɗari, musamman ga mai ciwon asma, kuma ba su gyara haddar kwana uku.